Yadda ake yanke ladan aiki, da dalilin da ya sa gwani ya fi lebura samu

A wurin gini guda, a rana guda, lebura ne ya fi kowa zubar da gumi. Shi ke ɗebo yashi, shi ke kwaɓa siminti, shi ke jidar bulo a ka. Amma in yamma ta yi aka zo sallama, abin da magini ke karɓa yakan ninka nasa sau biyu ko uku. Haka abin yake a garejin kanikawa, da shagon walda, da asibiti. Wannan ya nuna cewa ba nauyin wahala ke yanke ladan aiki ba. Abubuwa biyu ne suka fi tasiri: yawan amfanin da aikin mutum ke jawo wa mai biyansa, da kuma sauƙi ko wuyar samun wanda zai maye gurbinsa. Doka, da ƙungiyoyin ƙwadago, da al'adar gari duk suna da hannu, amma a kan waɗannan biyun suke ɗorawa.

Iyaka biyu da ciniki ke faɗawa tsakaninsu

Masana tattalin arziki na kiran haɗuwar masu neman aiki da masu neman ma'aikata da sunan kasuwar ƙwadago. Ba rumfa gare ta ba, amma ana ciniki a cikinta kamar na kasuwar dabbobi: wannan ya taya, wancan ya ce albarka, har a kai inda za a sallama. Abin sayarwar shi ne lokacin mutum da ƙarfinsa da iyawarsa. Farashin kuwa shi ne lada, ko na yini ne, ko jinga ce a kan aiki guda, ko albashin ƙarshen wata.

Kowane ciniki irin wannan yana da iyaka ta sama da iyaka ta ƙasa. Ta sama tana wajen mai ɗaukar aiki. Ba zai daɗe yana biyan ma'aikaci fiye da abin da aikin ma'aikacin ke shigo masa da shi ba, don in ya yi haka jarinsa zai karye. Mai gidan burodin da ƙarin yaro guda ke ƙara masa ribar sefa 3,000 a rana ba zai ba yaron 4,000 ba, kome kirkinsa.

Iyaka ta ƙasa tana wajen ma'aikaci. Ba zai yarda da abin da bai kai wanda zai samu a wani wuri ba. Wannan wani wurin yana iya zama wani ɗan kwangila, ko gonarsa, ko tuƙin kabu-kabu, ko tafiya cirani. Wanda ke da mafita mai kyau yana iya cewa albarka ya yi tafiyarsa. Wanda bai da ko ɗaya, ga kuma iyali na jiran cefane, kusan duk abin da aka taya masa sai ya karɓa.

Tsakanin iyakokin nan biyu, yawan jama'a ne ke nuna inda cinikin zai tsaya. In mutum goma ke neman aiki guda, lada na gangarowa kusa da iyaka ta ƙasa. In masu aiki uku ke zawarcin ma'aikaci guda, lada na haurawa kusa da ta sama.

Abin da damina da rani ke yi wa lada

Manoman kudancin Nijar sun san wannan ba tare da an karanta masu ba. In ruwa ya zauna, lokacin noman farko ya kama, kowa na son a nome masa gona a cikin kwanaki kaɗan kafin haki ya danne hatsi. A lokacin ne kuma kowane mai ƙarfi ke da tasa gonar da ke jiransa. Masu neman ma'aikata sun ƙaru, masu sayar da ƙarfinsu sun ragu, sai kuɗin barema ya tashi. Har a cikin gari ana jin abin, don leburorin gini da ƴan ga-ruwa da yawa sun koma ƙauye.

Bayan girbi al'amarin sai ya juya. Matasa na kwararowa Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai neman abin yi, ga shi babu aikin gona sai a wuraren noman rani irin na albasar Galmi. Ƙarfin saurayin da ya yi barema a watan Yuli bai ragu ba a watan Fabrairu, amma yanzu irinsa sun cika bakin titi, mafitarsa kuma ta ƙuntata. Shi ya sa ladansa ke sauka.

Abin da ke faruwa nesa ma yana taɓa wannan lissafin. Da aka gano zinariya a Jado cikin shekarar 2014, dubban matasa sun nufi arewa, kuma duk saurayin da ya tafi an rage mutum guda ke nan daga layin masu jiran aiki a gida. A wani gefen kuma, faɗuwar darajar naira tun daga shekarar 2023 ta rage abin da ɗan cirani ke dawowa da shi daga Kano ko Legas in ya canza zuwa sefa. Mafitar da ta rage armashi tana rage wa mai ita ƙarfin ciniki a gida, ko da bai taɓa ƙetare iyaka ba.

Lissafin wurin gini

Domin a ga yadda gwaninta ke ɗaga lada, ga misali da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin lissafi. Farashin gaskiya yana bambanta daga gari zuwa gari, amma tsarin lissafin ɗaya ne.

A ɗauka ɗan kwangila ya karɓi aikin katanga, an yi jinga za a biya shi dala ashirin, wato sefa 100, a kan kowane bulo da aka ɗora. Kayan aiki na mai gida ne. Ya ɗauki magini gwani da leburori biyu, kowane lebura a kan sefa 2,500 a yini. Gwanin na ɗora bulo 150 a rana, kuɗinsu ya kama 15,000. In aka fitar da 5,000 na leburori, saura 10,000. Wannan 10,000 ita ce iyaka ta sama ga ladan gwanin, don in ya wuce nan ɗan kwangila ya shiga asara.

Yanzu a sa wani magini a wurinsa, wanda hannunsa bai gama faɗawa ba. Yana yawan tsayawa duba igiya, yana cire bulo yana mayarwa, a ƙarshen yini ya ɗora 80. Kuɗinsu 8,000 ke nan. Leburori kuwa ba a rage masu kome ba, don sun yini a wurin ko da rabin lokacin a tsaye suka yi shi. In aka fitar da 5,000 ɗinsu, saura 3,000 kacal.

Abin lura a nan shi ne, gwanin bai ma ninka ɗayan sau biyu a yawan bulo ba, amma darajarsa a wajen ɗan kwangila ta ninka fiye da sau uku. Dalili kuwa, saurin magini ne ke sa aikin leburori ya yi amfani. In ya yi nawa, ba lokacinsa kaɗai ya ɓata ba, har da na mutum biyu da ake biya.

Akwai kuma batun ɓarna. A ce katanga mai bulo 300 ta karkace har sai an rushe, rabin bulon ya farfashe, kowanne kuma an saye shi sefa 300. Asarar bulo kaɗai ta kai 45,000, wato ladan lebura na kwana 18, ba a ma sa siminti da kwanakin da suka tafi a banza ba. Kuskuren lebura yakan tsaya ga kwaɓi guda da ya yi ruwa, na magini kuwa yana iya cinye ribar aikin duka. Saboda haka wani kaso na abin da ake ba gwani kuɗin kwanciyar hankali ne: ana biyansa don ɓarnar da ba za ta faru ba.

To nawa gwanin zai karɓa? In akwai wani mai gini a unguwar da ke shirye ya ba shi 6,000, ba zai sauko ƙasa da haka ba. Cinikin zai faɗa tsakanin 6,000 da 10,000. In an sallama a 7,000, ɗan kwangila ya tsira da 3,000. In gine-gine suka yi yawa a garin, ƴan kwangila na ƙwacen magina, sai a ga ladan ya doshi 9,000.

Shi ma lebura yana da tasa iyaka ta sama, kuma ta fi abin da ake ba shi. In aka cire lebura guda, maginin zai riƙa jiran kwaɓi, ya ɗora 110 maimakon 150. An yi asarar bulo 40, wato sefa 4,000. Ashe aikin lebura na biyu ya kai 4,000 a wajen ɗan kwangila, amma 2,500 yake karɓa, saboda a bakin wurin akwai wasu da za su karɓi baro da shebur a kan haka nan take. In kuma aka ƙara lebura na uku, maginin hannu biyu gare shi, abin da zai ƙaru bai wuce bulo 10 ba, wato sefa 1,000. Ba wanda zai biya 2,500 don ya samu 1,000, shi ya sa ba a ɗaukar na ukun. Ta haka lissafi guda ke yanke yawan lada da kuma yawan mutanen da za a ɗauka.

Me ya sa kowa bai zama magini ba?

In gwaninta na biya haka, da an zaci kowane lebura zai koya, magina su yi yawa, ladansu ya faɗo. Abin da ke hana haka shi ne koyo yana da tsada, kuma mafi yawan tsadar ba kuɗin da ake biyan mai koyarwa ba ne. Kuɗin da mai koyo ya haƙura da samu ne a shekarun da yake ƙarƙashin maigida.

A ci gaba da misalin. Saurayin da ke leburanci kwana 200 a shekara a kan 2,500 yana samun sefa 500,000. In ya zama yaron magini, abin da maigida ke ba shi na abinci da sabulu a ce 1,000 ne a rana, wato 200,000 a shekara. Kowace shekara ya bar 300,000 ke nan. In koyon ya ɗauki shekara uku, ya bar 900,000. A ƙara 100,000 na sayen kayan aikinsa, jimilla miliyan guda.

Bayan an yaye shi, a ce ya fara da 5,000 a rana. Ya ɗara lebura da 2,500, a kwana 200 ya zama 500,000 a shekara. Cikin shekara biyu ya mayar da abin da ya zuba, sauran shekarun ƙarfinsa riba ce. Amma da a ce magini bai ɗara lebura da kome ba sai sefa 500 a rana, ribar shekara 100,000 ce, sai ya yi shekara goma kafin ya mayar da jarinsa. A irin wannan hali matasa kaɗan ne za su jure zaman koyo, magina su yi ƙaranci, ƙarancin kuma ya sake tura ladansu sama. Wato tazarar da ke tsakanin gwani da lebura ita ce ke jawo sababbin masu koyo, kuma ba ta iya ɓacewa ɗungum muddin koyo na cin lokaci.

Wannan tunani tsoho ne. Adam Smith, masanin ƙasar Sikotlan, ya lissafa tsadar koyon sana'a cikin dalilan bambancin lada a littafinsa na shekarar 1776. Daga baya Ba'amurke Gary Becker ya faɗaɗa batun a shekarar 1964, inda ya ɗauki ilimi da horo a matsayin jarin da ake zubawa a jikin mutum, a ci ribarsa daga baya.

Sai dai jari sai mai hali. Gidan da ke dogaro da jaka biyu da rabin da yaro ke kawowa kowace yamma ba zai iya haƙura da ita shekara uku ba, ko da kowa a gidan ya san sana'ar za ta biya. Babu kuma bankin da ke ba da bashi a kan gwanintar da ba a riga an samu ba. Wannan ne ya sa talauci ke tsare mutane a leburanci, ya kuma sa gwanaye ba sa yawaita da sauri. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke cikin garuruwa, da asusun FAFPA mai tallafa wa horo, da makarantun fasaha irin ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, duk wannan giɓin ake son su rage.

Abin da doka ta tsara

Ciniki tsakanin mutum biyu ba shi kaɗai ke yanke albashi ba. A Nijar dokar ƙwadago ta shekarar 2012 ce ke tsara hulɗar ma'aikaci da mai ɗaukarsa a kamfanoni da sauran wuraren aiki masu zaman kansu. Gwamnati ce ke ƙayyade albashi mafi ƙanƙanta, wanda aka fi sani da SMIG. Daga shekarar 2012 yana kan sefa 30,047 a wata, har aka ɗaga shi zuwa 42,000 daga watan Janairun 2024, ƙarin da ya kusa kashi 40 cikin ɗari. Tun da makon aiki a doka awa 40 ne, wannan ya kama wajen sefa 242 a kowace awa.

A saman SMIG akwai yarjejeniyar da wakilan masu kamfanoni da na ƙungiyoyin ƙwadago ke sa wa hannu, wadda ke jera ma'aikata aji-aji, daga lebura zuwa ƙwararren ma'aikaci zuwa shugabannin aiki, kowane aji da mafi ƙarancin abin da za a biya shi. Ma'aikatan gwamnati kuwa tsarinsu daban ne. Takardar shaidar karatu ce ke sa mutum a rukunin A, B, C ko D, kowane mataki na da makinsa, albashi kuma na hawa da maki da shekarun aiki. A nan ba a ciniki da mutum ɗaya ɗaya, sai dai ƙungiyoyi irin su USTN da CDTN su zauna da gwamnati a madadin kowa.

Amfanin ƙungiya a fili yake in aka koma ga misalin lebura. Shi kaɗai ba ya iya neman 3,500, don za a ɗauki na bayansa. Amma in duk leburorin suka tsaya a kan magana guda, ɗan kwangila zai ga gara ya biya 3,500 da ya rasa 4,000. Haka SMIG ke aiki: yana tura lada sama a cikin tazarar da ke tsakanin iyakokin nan biyu. Matsala na tasowa ne in an ɗaga shi ya wuce iyaka ta sama. In doka ta ce a ba leburan 5,000 alhali aikinsa 4,000 yake kawowa, ko dai a sallame shi, ko a ci gaba da aiki da shi a ɓoye ba takarda.

Abu na biyu da ya rage wa doka ƙarfi shi ne mafi yawan masu aiki a Nijar ba su da takardar ɗaukar aiki ko rajista a asusun CNSS. Manoma ne, da makiyaya, da ƴan kasuwa, da yaran shago, da ƴan aikin gida. A wajensu ciniki da al'ada ne ke yanke lada, kuma wani kaso nasa ba kuɗi ba ne: abincin rana, wurin kwana, kayan salla, ko alkawarin maigida zai ba yaro jari ranar da ya sallame shi. Wanda zai kwatanta lada biyu dole ya sa waɗannan a lissafi.

Inda gwaninta ba ta biya

An ce gwani yakan fi samu, ba a ce kullum ba. Akwai hanyoyi uku da aka fi ganin abin na warwarewa.

Ta farko, in masu iyawar sun fi masu bukatarta yawa. Kasuwa ba ta biyan mutum don ya sha wahalar karatu, tana biyansa don abin da ya iya yana da mai so. In ɗalibai da yawa suka fito da takarda iri guda, ofisoshin da ke ɗaukar irinsu kuma kaɗan ne, sai a ga mai digiri na zaman jira alhali mai gyaran firiji ko mai haɗa wutar sola ba ya samun hutu. Haka in unguwa guda ta cika da teloli, kuɗin ɗinki ba ya tashi sai gab da salla.

Ta biyu, in mai sayen gwanintar guda ne. Malamin makaranta ya yi karatu, amma a yawancin garuruwa gwamnati ce kusan kaɗai ke ɗaukarsa. Tun ƙarshen shekarun 1990 Nijar ta shiga ɗaukar malamai ƴan kwantiragi a kan abin da bai kai albashin cikakken ma'aikaci ba, har suka zama su ne mafi yawa a makarantun firamare. Aji guda suke shiga, darasi guda suke bayarwa, amma tun da babu wani babban mai taya su, abin da ake ba su ya tsaya kusa da iyaka ta ƙasa. Shi ya sa a wannan fanni yajin aiki da zaman tattaunawa ne ke motsa albashi, ba gasar masu ɗauka ba.

Ta uku, in gwanintar ta ɗaure da wuri guda ko na'ura guda. Da aka rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak da ke Akokan kusa da Arlit a watan Maris na 2021, iyawar da ta shafi aikin ƙarƙashin ƙasa kaɗai ta rasa mai saye a kusa, alhali mai walda ko mai aikin lantarki na iya ɗaukar tasa ya kai wani gari. Haka ma bakaniken da ya ƙware a kan tsofaffin injuna yake ganin motoci masu kwamfuta na wuce shagonsa. Gwanintar da ke da masu saye da yawa ta fi wadda ke da mai saye guda tsaro, ko da ta biyun ta fi tsoka a yau.

Akwai kuma bambancin da bai da nasaba da iyawa. Aiki mai haɗari ko ƙyama, kamar haƙar rijiya mai zurfi ko yasar masai, yakan ɗara leburanci don mutane kaɗan ne ke yarda da shi. A gefe guda kuma sanayya, da dangantaka, da bambancin da ake nuna wa mata na sa mutum biyu masu iyawa ɗaya su karɓi lada daban, duk da dokar ƙwadago ta wajabta lada ɗaya ga aiki mai daraja ɗaya.

Yadda ake auna lada da kyau

Kuskuren da aka fi yi shi ne duba kuɗin yini kaɗai. Maginin da ke karɓar 5,000 amma kwana 100 kawai yake samun aiki a shekara, abin da ya tara 500,000 ne, daidai da leburan da ke karɓar 2,500 kwana 200. Wani ɓangare na tsadar mai sana'a yana rufe kwanakin da yake zaune ne. Haka kuma albashin wata da ya yi kama da kaɗan yana iya fin na mai jinga in an haɗa da tabbacin zuwansa, da hutun shekara, da kuɗin iyali, da fansho.

Kuskure na biyu shi ne mance farashin kaya. Darajar albashi tana ga abin da yake saye. In ma'aikaci na karɓar 60,000 lokacin da buhun hatsi ke 20,000, albashinsa buhu uku ne. In aka ƙara masa zuwa 66,000 amma buhu ya koma 30,000, yanzu buhu biyu da ɗan kai yake samu: an ƙara masa a takarda, an rage masa a tukunya. Ma'aikatan ƙasashe masu sefa sun ga haka a watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin da rabi, kayan waje suka yi tsada, albashi kuma bai bi su da sauri ba.

Ga wanda ke son sanin ko wata sana'a za ta biya a garinsa, alamun suna bayyane. In masu aiki ne ke bin mai sana'a har gida, suna ba shi kuɗin kafin alƙalami, suna jiran layi na kwanaki, to masu iyawar sun yi kaɗan, lada kuma na kan hawa. In kuwa masu sana'ar ne ke zaune a bakin shago suna karya wa juna farashi, kasuwar ta cika. Sai kuma a duba masu sayen iyawar nawa ne, ko tana tafiya da mutum in ya canza gari, da kuma shekaru nawa za a yi kafin a mayar da abin da aka bari lokacin koyo. Amsoshin waɗannan ne ke nuna ko tazarar da ke tsakanin gwani da lebura a wannan sana'a za ta daɗe, ko kuwa ta ɗan lokaci ce.